Yadda ake rubuta taken talla ga kamfanin intanet mai neman masu aiki daga gida

Duk wanda ya taɓa yin mitin ta bidiyo daga falonsa a Kubwa ko Gwarinpa ya san wannan tambaya: "Kuna ji na?" Ka faɗa sau biyu, ka ga fuskokin mutane sun daskare a allo, ka miƙe ka nufi taga da kwamfuta a hannu. Mutumin da ke cikin wannan hali shi ne wanda za ka rubuta wa take idan mai kamfanin intanet ya kira ka ya ce yana son jimla ɗaya da za a sa ƙarƙashin sunan kamfaninsa a allon talla, a jikin motar ma'aikata, da kuma ƙarshen sanarwar rediyo.

Na daɗe ina wannan aiki a Abuja, kuma abin da na fi son mai koyo ya riƙe shi ne cewa take alkawari ne, kuma ba kai za ka cika shi ba. Injiniyan da ke hawa turke cikin ruwan Agusta shi zai cika, yarinyar da ke ɗaga wayar ƙorafi ita za ta sha zagi idan ya karye. Saboda haka rabin aikin nan ba rubutu ba ne, bincike ne.

Abin da za ka tanada

Littafin rubutu da biro. Wayar da za ta iya ɗaukar murya. Kwamfuta da za ka haɗa da sabis ɗin kamfanin ka gwada da kanka. Rajistar katsewar sabis ta aƙalla wata uku, wadda sashen injiniyoyi ke ajiyewa, da rajistar ƙorafin kwastomomi. Sai mutum biyar zuwa takwas masu aiki daga gida da suka yarda su ba ka minti goma sha biyar, maza da mata. A ƙarshe, hotunan allunan tallar sauran kamfanonin da ke unguwar, waɗanda za ka ɗauka da kanka.

Idan kamfanin ƙarami ne kuma ba ya ajiye rajista, kada ka tsaya. Nemi a nuna maka zauren WhatsApp na kwastomominsu. A can za ka ga ranar da aka fara rubuta "sabis ya ɗauke" da lokacin da wani ya ce "ya dawo". Ka bi saƙonnin wata uku kana rubuta lokutan, ka sami rajistarka. Sau da yawa ma ta fi ta ofis gaskiya.

1. Fara da injiniya, ba da mai kamfani ba

Mai kamfani zai ce maka sabis ɗinsu ba ya yankewa. Ka saurare shi da ladabi, sannan ka roƙi a haɗa ka da babban injiniya. Tambayoyi uku nake yi masa. Me ya fi kawo katsewa? Idan ta faru, awa nawa ake ɗauka kafin a gyara? Wane ɓangare ne ba ya hannunku?

A Abuja amsoshin sukan zagaya wuri ɗaya. Masu faiba suna fama da masu aikin titi da masu haƙa magudana da ke tsinke waya. Masu harba sabis ta eriya daga turke suna fama da guguwar farkon damina da ke karkatar da faranti. Kowa kuma yana fama da wuta: ko da kamfanin yana da inbata da janareta a tasharsa, idan aka ɗauke wuta a gidan kwastoma rautarsa, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ta mutu, shi a wurinsa intanet ne ya ɗauke. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, sabis ya rikice a Najeriya da maƙwabtanta.

Yanzu lissafi. Wata mai kwana 30 awa 720 ne. Kamfanin da ya ce sabis ɗinsa na aiki kashi 99 cikin 100 yana nufin zai iya ɗaukewa sama da awa 7 a wata. Kashi 99.9 kuwa minti 43 ne. Bari mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe: a ce wani ƙaramin kamfanin faiba ne da ke aiki a Gwarinpa da Dawaki, rajistarsa ta Satumba ta nuna katsewar awa 5 gaba ɗaya. Wannan kashi 99.3 ne, adadi mai kyan gani a takarda. Amma da ka duba sai ka ga awa 4 daga ciki rana ɗaya ce, Talata da hantsi, da motar haƙa ta tsinke waya. Mai aiki daga gida bai damu da ƙarfe ukun dare ba. Lokacinsa daga 8 na safe zuwa 6 na yamma ne, kwana 22, wato awa 220. Awa 4 cikin 220 ta mayar da adadin kashi 98.2. Da wannan adadin na biyu za ka yi aiki, domin shi kwastoma ya ɗanɗana.

Me muka koya daga misalin? Sabis ɗin ba ya yawan ƙyaftawa, wannan abin alfahari ne na gaske. Amma idan waya ta tsinke, ana jin jiki. Ke nan kalmomi irin su "ba ya taɓa yankewa", "dare da rana", "har abada" sun fita daga lissafi tun kafin ka ɗauki biro.

2. Gwada da hannunka

Je gidan wani kwastoma, da izininsa, ko a haɗa maka layin gwaji. Kada ka yi gwajin a ofishin kamfanin, can kullum lafiya lau ne. Ka zaɓi ranar aiki, tsakanin 10 na safe da azahar. A kwamfuta mai Windows, buɗe `Command Prompt` ka rubuta:

```
ping -n 1800 8.8.8.8
```

Zai yi wajen rabin awa yana aika ɗan saƙo kowace daƙiƙa yana jiran amsa. A Mac ko Linux sai ka sa `-c` a wurin `-n`. Idan ya gama, duba adadin da ke gaban `Lost` a Windows, ko kason da ke jikin `packet loss` a Mac da Linux, shi ne saƙonnin da suka ɓace. Zoom, manhajar mitin ta bidiyo, na ba da shawarar kada abin da ke ɓacewa ya wuce kashi 2 cikin 100, wato 36 cikin 1800. Amma ni na fi lura da yadda suka ɓace. Guda ashirin a warwatse, da wuya mai mitin ya ankara. Guda ashirin a jere kuwa, `Request timed out` na bin juna, shi ne lokacin da fuska ke daskarewa ana cewa "Malam ya fita".

Wannan ya kawo mu kuskuren da ya fi yawa a tallar intanet: sayar da gudu ga mai neman dorewa. Mitin na bidiyo ba ya cin wani gudu mai yawa, megabit huɗu a daƙiƙa wajen turawa da wajen karɓa ya ishi hoto mai kyau ƙwarai. Don haka "gudu kamar walƙiya" bai taɓa ciwon mutuminmu ba. Walƙiya ma ai haskawa take ta ɓace, abin da yake tsoro ke nan.

3. Saurari masu aikin, ka rubuta kalmominsu yadda suka fito

Kada ka tambaye su wane irin intanet suke so, za su ce mai sauri mai araha, ba ka ƙaru da komai ba. Ce musu: "Ba ni labarin ranar da sabis ya fi ba ki kunya." Sai ka yi shiru.

Abin da za ka ji kusan iri ɗaya ne. Mai aikin ofis zai ce yana tsakiyar bayani gaban oga ya ɓace. Malamar da ke koyar da yara ta bidiyo za ta ce iyaye sun fara tunanin ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba. Wani zai ce ya gaji da ba da haƙuri, wata ta ce kullum wayarta na gefe da data a ciki saboda ko-ta-kwana. Ka lura babu wanda ya ambaci megabit. Maganar kunya ce da mutunci: mutum na gida, ba a ganin zamansa a kujera, abin da kawai ke shaida yana bakin aiki shi ne a kira shi a same shi.

Ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka maimaitu. A irin wannan hira nakan fito da: mitin, ɗaukewa, a ji ni, haƙuri, tsakiyar magana. Waɗannan su ne tubalinka. Idan ba ka sami mutanen da za ka zauna da su ba, saƙon murya ya wadatar, amma kada ka yarda da amsa a rubuce, domin mutum idan zai rubuta yakan gyara harshensa ya koma na takarda.

4. Rubuta alkawarin a doguwar jimla tukuna

Kafin take, rubuta jimla guda mara ado da ta amsa: wa muke yi wa alkawari, na me, kuma da wace hujja? A misalinmu: "Ga mai aiki daga gida a Gwarinpa da Dawaki, sabis ɗinmu ba ya ƙyaftawa a lokacin aiki, kuma idan waya ta tsinke muna fitowa a ranar." Kai wa injiniya ya karanta. Idan ya ɗaga gira, rage alkawarin har sai ya gyaɗa kai.

A nan ne kuma za ka ɗaga maganar wuta. Idan kamfanin na bayar da ƙaramin batir mai riƙe rauta idan an ɗauke wuta, kana da ƙarin hujja mai ƙarfi. Idan ba ya bayarwa, ka guji duk abin da zai sa a fahimci sabis na nan ko babu wuta.

5. Zuba zaɓuɓɓuka da yawa, cikin Hausa tun daga farko

Sau da yawa za a miƙo maka taken Turanci a ce ka fassara. Ka ƙi cikin hikima: ka ce za ka rubuta na Hausa mai ɗauke da alkawari ɗaya da na Turancin. Fassara ce ke haifar da abubuwa irin su "Kasance a haɗe koyaushe", jimlar da babu Bahaushen da ya taɓa furta ta a zance.

Mu muna da namu gadon. Taken da makaɗi ke yi wa mutum gajere ne, da an buga an san da wa ake. Rubutun bayan tirela ma haka, kalma uku ko huɗu da za ka karanta mota na wucewa. Abin da suke da shi shi ne kashi biyu masu amsa juna da kuma numfashi ɗaya. Ka rubuta aƙalla ashirin ba tare da tacewa ba. Ga kaɗan daga waɗanda za su iya fitowa a misalinmu, da abin da nakan yi da kowanne.

"Intanet mai inganci domin ci gabanku." Wannan shi ke fara zuwa, kuma shi ke fara tafiya. Sa sunan banki ko makaranta a wurin intanet, ba abin da ya canja.

"Ba yankewa, ba fargaba." Yana da daɗin faɗa, amma Talatar nan ta awa huɗu ta ƙaryata shi. Akwai kuma wani abu da wanda ba Bahaushe ba ba zai ji ba: kunnenmu ba ya son ɗan Adam ya yi iƙirarin abin da ba ya gushewa. Mai sauraro zai ce a ransa, sai ka ce ba mutum ya haɗa ba. Wasu kan so su gyara da ƙara "in sha Allahu". Ni ba na sa sunan Allah a take, domin za a buga shi a takardun rabawa da ke ƙarewa a ƙasa ana takawa.

"Kana gida, kana ofis." Ma'anar ta yi, amma "kana" ya kori rabin kasuwa. Turanci ba shi da wannan matsala, mu muna da ita: ko ka ce "kana" ka bar mata, ko ka ce "kina" ka bar maza, alhali mata da yawa ne ke aiki daga gida, kuma sau da yawa su ke yanke shawarar wane sabis za a jawo. Mafita uku ce: jam'i (kuna), ko sigar da ba ta nuna kowa (ana), ko kamfanin ya yi magana da bakinsa (muna).

"Ana gida, ana aiki." Ya warware jinsi, ya yi kiɗa. Sai dai mai sayar da teburi da kujera ma zai iya ɗauka.

"Kuna gida, ana jin ku." Wannan ya fito kai tsaye daga "kuna ji na?", kuma na so shi ƙwarai. Riƙe shi zuwa mataki na gaba.

"Muna nan har a tashi mitin." Kalma shida, gaɓa tara. Ya ambaci wurin da ciwon yake, bai ce har abada ba, kuma "muna nan" magana ce da ake yi wa wanda ake tsaya wa.

6. Gwaji huɗu kafin ka kai wa mai kamfani

Na farko, gwajin baki. Ba wa mutum uku su karanta da ƙarfi ba tare da ka fara faɗa musu ba. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalma ɗaya na iya karantuwa iri biyu. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe ya koma baya, akwai gyara. Ka haɗa da wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne amma yana ji, domin a Abuja irinsu suna da yawa cikin masu sayen.

Na biyu, gwajin mummunar fahimta. Tambayi mutum: "Me kamfanin nan ke sayarwa, kuma me ya yi maka alkawari?" A nan "Kuna gida, ana jin ku" ke faɗuwa. Kamfanin da ya shigo da na'ura cikin ɗakinka, sannan ya ce ana jin ka, wani zai ɗauka leƙen asiri ake nufi. Za a iya ceto shi da ƙara "a ofis", amma ya yi tsawo kuma kiɗan ya tafi.

Na uku, gwajin ranar baƙin ciki, wanda na fi ba muhimmanci. Ka ɗauka waya ta tsinke, kwastoma ya fusata, ya ɗauki hoton allon tallarku ya sa a zauren unguwa. Me zai rubuta a ƙasa? Ga mai "ba yankewa", kalma ɗaya ta isa: ƙarya. Ga mai "muna nan", zai rubuta "kuna ina?" Wannan ma da zafi, amma tambaya ce mai amsa: ga motarmu a bakin titi, ga ma'aikata a cikin rami, za a gama da la'asar. Take mai kyau yana barin wa kamfani abin faɗa a ranar da abu ya lalace. Sai dai fa idan kamfanin irin wanda ba ya ɗaga waya ne, "muna nan" zai zame masa abin gori. Shi ya sa muka fara da injiniya.

Na huɗu, gwajin kwana ɗaya. Faɗa wa mutum taken sau ɗaya cikin hira, gobe ka kira shi ka ce ya maimaita. Idan ya dawo maka da shi da ɗan canji, saurari canjin da kyau, wani lokaci nasa ya fi naka sauƙi a baki.

Wani zai ce ai ba duk mai aiki daga gida ke mitin ba, akwai mai tura manyan fayiloli, akwai mai sayar da atamfa ta WhatsApp. Gaskiya ne. Amma take ba ya ɗaukar kowa, kuma mai atamfar ta fahimci cewa sabis ɗin da ya riƙe mitin na awa ɗaya zai riƙe nata cinikin. Idan hirarrakinka sun nuna yawancin kwastomomin ba masu mitin ba ne, canja kalmar: "Muna nan har a tashi aiki."

7. Sa hujja a ƙarƙashinsa

Take shi kaɗai magana ce. Ƙaramin layi a ƙasansa ke mayar da shi ciniki, misali: "Idan sabis ya ɗauke sama da awa 4 a lokacin aiki, za mu ƙara muku kwana ɗaya." Kada ka ƙirƙiri wannan da kanka. Mai kamfani ne zai yarda a rubuce, sashen kuɗi su san da shi, masu ɗaga waya su san yadda ake bayarwa. Idan bai yarda ba, sa abin da yake tabbas, kamar lambar da ake samun mutum daga ƙarfe kaza zuwa kaza.

Lokacin gabatarwa, kai uku kawai, ka faɗi wanda ka zaɓa da dalili. Idan ka kai goma, za a ɗauki kan wannan a haɗa da wutsiyar wancan. Idan Alhaji ya dage sai an sa "na ɗaya a Abuja", kada ka yi gardamar daɗin magana. Ce masa: "Ranka ya daɗe, idan aka ce mu kawo shaida, me za mu nuna?" Ba tsoratarwa ba ce. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana tantance talla kafin a fitar, kuma dokar kare masu saye ta 2018 ta hana iƙirarin da ke yaudarar mai saye. Ka kuma duba hotunan allunan da ka ɗauka, ka bincika a intanet, don tabbatar da cewa wani bai riga ka da jimlar ba.

8. Bi shi har wurin mai bugawa

A nan aiki mai kyau kan lalace a minti ɗaya. Salon haruffa da yawa ba su da ɗ, ƙ da ɓ. Mai zane zai ga ɗan akwati ya fito a wurin harafin, sai ya maye shi da d ko k bai gaya wa kowa ba, alhali "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne. Takenmu ya tsira domin babu harafi mai lanƙwasa a cikinsa, amma layin hujja na da "ɗauke", "ƙara" da "ɗaya". Nemi a turo maka hoton ƙarshe kafin a buga, ka duba harafi bayan harafi.

Sannan ka buga shi a farar takarda, ka manna a bango, ka ja baya taku goma ka kalla na daƙiƙa uku, kwatankwacin abin da direba ke samu a babban titin Kubwa. Idan layin hujja bai karantu ba, cire shi daga allon titi ka bar shi ga takardun rabawa da sitika. Na rediyo kuma ka je ɗakin ɗaukar murya da kanka. Masu karanta sanarwa sun saba ɗaga murya a ƙarshe kamar tallar gangami, wannan kuwa a natse ake faɗar sa, da ɗan tsayawa bayan "muna nan". Ka sa a ɗauka sau uku, ka saurara ta lasifikar ƙaramar waya, ka zaɓi wanda "mitin" ya fito a cikinsa sarai.